Kafin ka danna fim ɗin ban tsoro a ɗakin da ba kai kaɗai ba

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. A kan zaɓen fim ɗin ban tsoro ne idan an taru, wani jarumi, wani matsoraci. Ra'ayina a taƙaice: tambayar "kana jin tsoro?" ba ta da amfani ko kaɗan. Tambayar da ke aiki ita ce "me ba ka son gani?" Da kuskure na koyi wannan.

2/ Ƙarshen 2021 ne, a Funtua, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. 'Yan Funtua, Bakori da Malumfashi kun tuna. Babu data, babu kira. Abin kallo sai wanda ka biya aka tura maka a shago, ko ka karɓa a wayar aboki ta Xender.

3/ Ana biki a gidanmu, kaka ta yi, buhunan masara jibge a zaure. An taƙaita hawan babur da dare, don haka duk wanda magariba ta riska a nan zai kwana. Mu bakwai a ɗakina, laftof ɗaya, sifika ɗaya, rake da gyaɗa. Aka ce in sa mana mai ban tsoro.

4/ Na yi abin da kowa ke yi. Na tambaya da ƙarfi, "Akwai matsoraci a nan?" Wa zai ɗaga hannu a gaban mutum shida? Taubashina, ɗan gwaggona, ma dariya ya yi. Ya ce shi da ya kalli Siccin shi kaɗai da tsakar dare, me zan nuna masa? Kuma gaskiya ya faɗa, ya kalla ɗin.

5/ Sai na ce to tunda aljanu ba sa firgita shi, bari in sa wanda babu aljani ko ɗaya, mai sauƙi kenan a lissafina. Na sa The Strangers na 2008. Mata da saurayinta a wani gida a bayan gari, wajen ƙarfe huɗu na asuba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum uku masu rufe fuska suna zagaye gidan. Shi ke nan labarin.

6/ A ƙwanƙwasa ta biyu taubashina ya daina cin rake. Bai yi ihu ba, bai rufe ido ba. Can ya ce bari ya zaga. Muka ci gaba da kallo, ana ta shewa. Sai da fim ya ƙare na lura bai dawo ba. Na same shi a zaure, zaune kan buhu, ya jingina da ƙofa, takalmi a ƙafarsa.

7/ Na ce, "Kai malam, jarumin Siccin, ya haka?" Ya ce, "Bar shi kawai." Ban bari ba, don tsakanina da shi wasa ne. Sai ya ce, "Aljanin can ban taɓa ganin sa ba. Wannan kuwa na san ƙarar sa."

8/ Iyayensa sun baro ƙauyensu ta wajen Faskari watanni kaɗan kafin nan. Na san haka sarai, ni na taya su sauke kaya. Kawai ban haɗa abin da fim ba. A kaina tsoro tsani ne guda ɗaya: matsoraci a ƙasa, jarumi a sama, wanda ya haye Siccin ya haye komai.

9/ Ba tsani ba ne. Tsoro iri-iri ne, kuma mutum ɗaya yana iya zama dutse a wani, ya zama ruwa a wani. Akwai razana, wato a yi shiru sai abu ya faɗo da ƙara. Wannan daƙiƙa biyu ce, ka zabura, ka yi dariya, an wuce. Ita ce mafi arha, ita ce kuma mafi daɗi a cikin taro.

10/ Akwai ƙyama: jini, yanka, ƙashi a waje, irin su Saw da Wrong Turn. Mai jin wannan ba lallai matsoraci ba ne, cikinsa ne ke juyawa. Ina da aboki da ke aikin jinya, yana cin taliya yana kallon su. Amma a sa masa yarinya mai farin kaya tsaye a lungu, ya tashi.

11/ Sai na uku, wanda ke bin mutum har gado: tsoron abin da ka yarda yana nan. A nan ne ma'aunin Turawa ba ya yi mana aiki. Wanda bai yarda da aljanu ba yana kallon The Conjuring kamar tatsuniya. Mu kuwa mun taso muna jin labarin wadda aka yi wa ruƙiyya a unguwa, da makarantar 'yan mata da aka ce iska ta shiga.

12/ Shi ya sa finafinan Turkiyya irin Dabbe na Hasan Karacadağ da Siccin na Alper Mestçi suka fi na Amurka cizo a wajenmu. Aljani ne, sihiri ne, malami ne, karatun da ka sani ne. Ba gidan katako a wata ƙasa mai ƙanƙara ba. Fim ya ƙare, amma banɗakin gidanku yana can ƙarshen tsakar gida, kuma babu wuta.

13/ Na huɗu kuma shi ne wanda na taka: abin da ya taɓa faruwa da mutum, ko da nasa. A yankinmu wannan ba ƙaramin rukuni ba ne. Tun daga ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disamba 2020, har ƙauyukan Sabuwa, Dandume da Faskari da suka watse, da wuya ka tara mutum bakwai a Funtua babu wanda abin ya shafa.

14/ Ga irin wannan mutumin, ƙwanƙwasa ƙofa da dare, fuska a rufe, mutum ɗaure a daji, waya ana cinikin rai, ba "fim ɗin ban tsoro" ba ne. Tuni ne. Kuma abin haushin, a jerin finafinai waɗannan su ake ɗauka masu sauƙi, tunda babu dodo.

15/ To ga matsayina, kuma na san wasu za su ce na cika tsanani: wanda ya fi kowa rauni a ɗakin shi ke da ikon cewa "ban da wannan iri". Mai son tsoro kuma shi ke zaɓa daga abin da ya rage. Ba ƙuri'a ake yi ba. Shida da ɗaya ba hujja ba ce a nan.

16/ Dalili shi ne asarar ba ɗaya ba ce. Idan fim ya yi wa jarumi sanyi, ya yi asarar awa biyu, ya yi tsaki, gobe ya manta. Idan ya yi wa ɗayan zafi, shi zai kwana ido biyu, wataƙila mako guda, kuma kai da ka zaɓa kana can kana minshari.

17/ Ba zancen baki ba ne. A 1999 wasu masu bincike biyu a Amurka, Kristen Harrison da Joanne Cantor, sun tambayi ɗaliban jami'a game da fim ɗin da ya taɓa firgita su. Kusan rabi sun ce ya taɓa musu barci ko cin abinci. Kusan ɗaya cikin huɗu sun ce har lokacin abin bai sake su ba, wasu bayan shekaru.

18/ Masu cewa "ai in ba a ji tsoro sosai ba ba a more ba", ku ma akwai naku. Masu bincike na Jami'ar Aarhus a Denmark sun auna bugun zuciyar mutum 110 a wani gidan wasan firgitarwa, suka wallafa a 2020. Daɗin yana hawa tare da tsoro zuwa wani wuri, daga nan sai ya gangaro. Tsakiya ake nema, kamar yaji a tsire.

19/ Matsalar taro ita ce tsakiyar kowa daban. Ba za ka iya daidaita ta ga mutum bakwai ba. Abin da za ka iya shi ne ka tabbata babu wanda aka jefa can ƙarshen gangaren. Bari in nuna yadda na yi a babbar Sallar da ta biyo baya, don magana ba misali iska ce.

20/ Mu bakwai ne wannan karon ma. Ban tambayi kowa a gaban kowa ba. Tun da rana, wajen suyar nama, na bi su ɗaya bayan ɗaya: "In za mu kalli na tsoro anjima, me ba ka so a ciki?" Lura, ban ce "za ka iya?" ba. Wannan tambayar jarrabawa ce, kowa zai ce zai iya.

21/ Ga abin da na samu. Ƙanwata: ban da shigar aljani jikin mutum, ita kaɗai take kwana a ɗakinta. Matar yayana, tana da tsohon ciki: ban da jini, ban da abin da zai taɓa yaro. Taubashina ban ma tambaye shi ba, na riga na sani. Ƙanenmu ɗan shekara 13 ya ce komai ma a sa, wanda ke nufin kar a yarda da shi.

22/ Sai abokina mai aikin jinya, da wani abokin wanda in fim bai sa shi karanta Ayatul Kursiyyu sau uku ba, a wajensa ba a yi komai ba. Finafinai biyar ne a filashina: The Conjuring, A Quiet Place, Train to Busan, Stree da Bhool Bhulaiyaa.

23/ The Conjuring (2013) ya fita nan take. Jini kaɗan ne a cikinsa, shi ya sa mutane ke ruɗuwa su ce mai sauƙi ne. Amma ƙarshensa gaba ɗaya uwa ce da abu ya shiga jikinta tana neman 'yarta. Ya taka dokar ƙanwata, ya taka ta matar yaya. Biyu a lokaci ɗaya.

24/ A Quiet Place (2018) shi ne tarkon. A Amurka PG-13 aka ba shi, wato na 'yan shekara 13 zuwa sama, minti 90 kacal, dodannin kuma ba aljanu ba ne. A takarda ya dace da kowa. Amma a mintunan farko ƙaramin yaro ke mutuwa, daga baya mai ciki ta taka ƙusa, naƙuda ta kama ta ita kaɗai a bahon wanka, ba halin ihu.

25/ Ka ce in sa wa mace mai wata takwas wannan? Wallahi da yayana ya kore ni daga gidan, kuma da gaskiyarsa. Wannan ya isa ya nuna maka cewa harafin da ke jikin fim ba ya gaya maka abin da kake buƙata. Shekaru yake aunawa, bai san wa ke zaune a tabarmarka ba.

26/ Train to Busan (2016) na so shi ƙwarai, don zombi ba ya cikin abin da Bahaushe ya yarda da shi, ba ya bin ka gado. A wani taron shi zan fara zaɓa. Amma cizo da jini daga farko har ƙarshe, ga mai ciki da ƙaramar yarinya suna gudun ceton rai. Ya fita.

27/ Stree (2018) barkwanci ne rabi, tsoro rabi, irin wanda ake so. Sai na tuna labarin: a garin Chanderi wata fatalwa ce ke ɗauke maza da dare, a wayi gari sai tufafinsu. Ɗauke mutum da dare. Na yi jim. Wataƙila da ya wuce lafiya, tunda wasa ya yi yawa a ciki, amma ban so in sake gwaji a kan mutum ɗaya ba.

28/ Kuma akwai wani abu a Stree da ba tsoro ba: zantukan manya, har da uba yana yi wa ɗansa nasihar da ba a ji a gaban matar yaya da ƙane. Wannan ma'auni ne da muke mantawa. Finafinan tsoro na Turawa musamman, sau da yawa wurin da zai sa ɗaki ya yi tsit kowa na neman rimot ba wurin dodo ba ne. Kunya ta fi fatalwa saurin watsa taro.

29/ Saura Bhool Bhulaiyaa na 2007, na Priyadarshan, da Akshay Kumar da Vidya Balan. Tsohuwar fada, ɗaki a kulle, ƙarar abin ƙafar mai rawa da dare, sunan Manjulika. Sai dai a ido, shi ma shigar aljani ne. Dokar ƙanwata kenan.

30/ (Wanda bai kalla ba ya tsallake wannan, ko da yake fim ɗin ya girmi wasunku.) Na ja ƙanwata gefe na gaya mata ƙarshen: babu aljani, rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ce, Akshay likita ne, kuma matar ta warke. Na ce in ta yarda mu sa, in ba ta yarda ba mu kalli wani abin daban. Ta yi tunani ta ce a sa.

31/ Wannan dabarar ina ba da ita kyauta: ɓata wa matsoraci labari taimako ne. Abin da ke cin sa shi ne rashin sanin inda za a kai shi. Gaya masa wa zai rayu, gaya masa mene ne abin. Ƙanwata ta zauna tana kallon sauran suna zabura, ita tana murmushi kamar da ita aka rubuta.

32/ Fim ɗin ya yi aiki ne saboda yadda aka gina shi. Paresh Rawal da Rajpal Yadav suna sauke tukunya duk lokacin da ta kusa tafasa. Tsoro, dariya, tsoro, waƙa. Sai a kusan ƙarshe ya tsaya cak ya yi da gaske, rawar Vidya Balan ɗin nan, kuma a nan har jarumin namu ya gyara zama.

33/ Zan faɗi gaskiya, bai ƙoshi ba. Ya ce wannan ai shayi ne ba madara. Na ce to, da sauran suka tafi kwanciya, shi da mai jinya suka ɗauki laftof suka sa nasu. Kallo biyu a dare ɗaya. Ban san dalilin da ya sa muke ɗauka dole sai fim ɗaya ya ɗauki kowa ba.

34/ Yanzu da data ta dawo, binciken minti uku ne. Buɗe shafin fim ɗin a IMDb, nemi Parents Guide. Za ka ga Sex & Nudity, Violence & Gore, da Frightening & Intense Scenes, kowanne da Mild, Moderate ko Severe. Kar ka tsaya a kalmar. Karanta layukan da ke ƙasa, su ke faɗin ainihin abin da ya faru.

35/ Don Severe na jini daban, Severe na an shigo gida da dare daban, kuma masu rubuta shafin ba su san ƙauyen Faskari ba. Kai ka sani. In babu data, ja fim ɗin da kanka zuwa minti talatin na ƙarshe ka leƙa. Kar ka dogara da farkon, masu kyau a cikinsu lallaɓa ka suke yi. Tallan fim kuwa aikinsa ɓoyewa ne.

36/ Bayan zaɓe akwai abubuwan da ke hannunka, kuma sauti ne babba. Rabin razana a kunne take: a janye kiɗa, a yi shiru, sannan a buga. Cire sifika ka bar muryar laftof, fim ɗin ya ragu sosai ba tare da ka yanke komai ba. Fassarar Hausa ma, irin ta Algaita, a ganina tana rage kaifi, muryar gida ce a bakin dodo.

37/ Lokaci ma haka. Fim ɗaya ne bayan la'asar da bayan isha'i, amma ba abu ɗaya ba ne. Tambayi kanka wa zai taka zuwa gida shi kaɗai bayan an gama, ta wane lungu, wa kuma zai kwana shi kaɗai. Mun sa Bhool Bhulaiyaa da sauran rana ne, muka tsaya sallar magariba, muka ƙarasa da fitila a kunne.

38/ Wani abu da ba na jin ana faɗa: lissafa batir. Bhool Bhulaiyaa ya haura awa biyu da rabi. In laftof ɗinka tsoho ne mai riƙe minti 90, aka ɗauke wuta, zai mutu daidai inda abu ya fi muni. Ƙarshen fim shi ke rufe ƙofar da farkonsa ya buɗe. Matsoracin da bai ga ƙarshe ba, kansa zai ƙarasa masa, kuma kansa ya fi daraktan mugunta.

39/ Ana cikin kallo, kar mai ihu ya ɗauke maka hankali. Mai ihu yana dariya, yana dukan na kusa da shi, yana leƙe ta tsakanin yatsu, wannan kuɗinsa ya biya. Duba wanda ya yi tsit. Ya daina cin abin da ke hannunsa, ya ƙura wa waya ido ba ya danna komai, ko yana yawan kallon ƙofa.

40/ In ka ga haka kar ka tsayar da fim ka ce "wane, lafiya?" Ka tona shi kenan. Ce za ka ɗora shayi, wa zai raka ka. Ni yanzu ina tsayarwa da gangan wajen minti 20 in ce a kawo ruwa. Wanda zai zame ya zame a nan, kuma doka ce: ba a tambayar wanda bai dawo ba, ba a tsokanar sa gobe.

41/ Dokar ƙarshen nan ta fi yi mini wuya, don ni da taubashina tsokana ce abincinmu. Har yau ina ce masa bawana a gaban mutane, yana ce mini na ci bashin gyaɗa tun muna yara. Daren zauren nan ne kawai ban taɓa sa shi a wasa ba.

42/ Da ƙaramar Sallar bana shi ya zo da filashi. Ya bi kowa gefe yana tambaya, har ni. Na ce masa ni komai ma a sa. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, faɗi gaskiya." Na ce to, ban da na Turkiyyan nan. Su uku suka kalli Dabbe bayan an watse. Ni ina ɗakin Hajiya ina taya ta tsinke zogale, ƙarfe goma sha ɗaya na dare.